A Daina Zagin Manomi, A Duba Kwalbar

Akwai wata magana da nake ji duk ƙarshen damina, kuma ta ishe ni. Da an ce gonar wane ta lalace saboda maganin ciyawa bai ci ba, ko taki bai tashi shuka ba, sai wani mai farar riga ya gyara zama ya ce ai matsalar manomanmu jahilci ne da son araha. A ganina wannan magana zalunci ne a kan zalunci. An saci kuɗin mutum a kasuwa, an saci daminarsa a gona, sannan a zo a ɗora masa laifin cewa bai iya karanta Faransanci ko Ingilishin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar tururuwa ba. Wanda ya sayi tsohuwar kwalba ya ɗura mata ruwa mai launi, ya buga takarda ya manna, ba jahili ba ne. Ya san abin da yake yi sarai, kuma shi ya kamata a fara kira da sunan da ya dace da shi, wato ɓarawo.

Cutar da ake yi wa manomi ta bambanta da sauran cutar kasuwa. In ka sayi takalmi ya tsinke gobe, kana iya komawa da shi jibi. Wanda ya sayi jabun iri ba zai gane ba sai bayan kwana goma, wani lokaci sai bayan wata uku, lokacin da ruwa ya wuce, kwalba ta shiga bola, buhu ya zama shimfiɗar shanya, mai sayarwa kuma ya ɗauke tabarmarsa ya koma wata kasuwa. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, kaya na ƙetare iyaka dare da rana a kan babura, kuma mai jabu ya dogara ne da abu ɗaya: ranar da gaskiya za ta fito babu sauran shaida a hannun kowa. Shi ya sa nake cewa salular da ke aljihun manomi, ko aljihun ɗansa, ta fi duk wani taron ƙara wa juna sani amfani a wannan fage, in dai an san wurin da za a nuna mata.

Bari in ɗauki abu ɗaya in bi shi daki-daki, wato kwalbar lita ɗaya ta maganin ciyawa mai suna gilifosat, wanda ake fesawa kafin shuka ya kashe duk wani haki da ya tsiro. Sunayensa na kasuwa sun yi yawa, kowane kamfani da nasa, wasu da hoton zaki, wasu da hoton wuta ko adda. Manomi da hoton yake gane magani, sai ka ji ya ce a ba shi mai kan zaki. Mai jabu ya san haka, don haka hoton ne abin da ya fi ƙwarewa wajen kwaikwaya. Gaban kwalba shi ne wurin da ya fi kowane ƙawa, kuma shi ne wurin da ya fi kowane ƙarancin amfani. Hoton farko da ya kamata a ɗauka shi ne na lambar izini.

A Nijar da sauran ƙasashen Sahel da ke cikin ƙungiyar CILSS, kwamiti guda ne ke ba maganin gona izinin shiga kasuwa, ana taƙaita sunansa da CSP, kuma mazauninsa na Bamako. Maganin da ya bi ta hannunsa yana ɗauke da lamba mai tsawo wadda ke ƙarewa da `APV-SAHEL` ko `HOM-SAHEL`. Ta farko izinin wucin gadi ne na shekara uku, ana iya sabunta shi sau ɗaya. Ta biyu cikakken izini ne na shekara biyar, shi ma ana sabuntawa. A tsakiyar lambar akwai baƙaƙe biyu da ke faɗin aikin maganin, `He` na ciyawa, `In` na ƙwari, sai wata da shekarar da aka ba da izinin. Ko a nan kaɗai ana kama ƙarya. In kwalba ta ce ita maganin ciyawa ce amma lambarta na ɗauke da alamar maganin ƙwari, to daga wata kwalbar aka kwafo lambar. Kwamitin yana fitar da jerin magungunan da ya amince da su, malaman gona da ma'aikatan RECA suna da shi, kuma abin da za a duba a jerin abu uku ne: sunan maganin, sunan kamfanin, da sinadarin da ke ciki. Dole ukun su yi daidai da lambar. Lamba ta gaskiya a kan suna na daban ita ce ƙaryar da ta fi wuyar ganewa da ido, amma wanda ke riƙe da jerin zai gane ta cikin minti biyu in aka aika masa hoto ta WhatsApp.

Kayan da suka shigo daga Najeriya kuwa lambar NAFDAC suke ɗauke da ita, rubutunsu da Ingilishi. Ba zan ce duk jabu ne ba, domin da yawa na kirki ne a ƙasarsu. Amma lambar NAFDAC ba izinin sayarwa ba ce a Maraɗi ko Damagaram, kuma manomi ya san cewa in maganin ya cuce shi babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa da wannan lamba a wannan gefen iyaka. Kwalbar da ba ta da ko ɗaya daga cikin lambobin biyu, ba ta da sunan wanda ya yi ta, ba ta da adireshin wanda ya shigo da ita, marainiya ce da gangan. Iyayenta sun ɓoye don kada a same su.

Hoto na biyu na lambar rukuni ne da kwanan wata. Kamfani yana haɗa magani rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa, ana rubuta `Lot` ko `Batch` a gabanta, tare da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace. Mafi yawan magungunan gona shekara biyu ake ba su. Abin lura shi ne yadda aka buga waɗannan lambobi. Tun da suna sauyawa daga rukuni zuwa rukuni, galibi daban ake buga su, da wata tawada, bayan an gama buga takardar, har za ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo ne. In ka ga kwanan wata ya zauna sumul cikin takardar da launi ɗaya da sauran rubutu, akwai yiwuwar hoton takardar asali aka ɗauka aka buga dubbai. In ka ga wurin an kankare, ko an manna wata ƴar takarda a kai, to tsohon kaya ne aka yi wa sabuwar haihuwa. Ido yakan wuce waɗannan a cikin hayaniyar kasuwa, amma hoto ana iya buɗe shi da yatsu biyu a duba a natse.

Na uku murfi ne. Zoben da ke ƙarƙashin murfi ya zama bai tsinke ba, kuma in an buɗe a ga farar takardar ƙarfe manne da bakin kwalba ko'ina, ba alamar gam, ba alamar an ɗaga an mayar. A duba gindin kwalba da kafaɗarta ko akwai ƙarce-ƙarce da dattin da ba ya tare da sabon kaya, domin tsohuwar kwalba ba ta iya ɓoye shekarunta. A jera uku ko huɗu a gaban haske a ga ko cikarsu ɗaya ce, tun da inji ba ya cika wata ya rage wata. A ƙasan takardar kuma akwai zanen launi, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, mai nuna ƙarfin guba, tare da ƙananan zane na safar hannu da takunkumi. Mai jabu yakan yi wa wannan gefe riƙon sakainar kashi don ya san ba mai dubawa.

Akwai kuma wata dabara da ba jabu ba ce amma ƴar uwarsa ce. Za ka ga kwalba ɗaya an rubuta 360, wata an rubuta 480, wata kuma kashi 41 cikin ɗari, sai mai shago ya ce mai 480 ta fi ƙarfi, a ƙara kuɗi. Sau da yawa ukun abu ɗaya ne. Giram 480 na gishirin gilifosat a lita shi ne giram 360 na ainihin sinadarin, kuma shi ne kashi 41 in an auna da nauyi. Hanyar ƙirga ce ta bambanta. Manomin da ya ɗauki hoton wannan layi ya aika wa wanda ya sani ya tsira da jika ɗaya ko biyu a kan kaya kaɗan.

To me zai faru in an sayo an fesa? A nan ne ake cin manomi da baki. A ce gonarsa eka ɗaya ce, takarda ta ce lita huɗu, shi kuma da famfon goyo mai lita 15 yake aiki, yana zuba ruwa lita 200 a eka. Ya kama cika famfo wajen sau 13, kowane cika da kusan mililita 300 na magani. Gilifosat ba ya gaggawa. Ta ganye yake shiga ya gangara saiwa, ciyawa ta fara rawaya bayan kwana huɗu zuwa bakwai, ta mutu cikin mako biyu. Saboda haka in mako biyu ya cika ciyawa na nan kore shar, akwai magana. In kuma washegari aka tarar ganye ya ƙone ƙurmus kamar an bi shi da wuta, sannan bayan ƴan kwanaki ya sake toho daga ƙasa, wannan ba aikin gilifosat ba ne. Ya fi kama da aikin farakwat, guba mai tsananin haɗari ga mai fesawa, wadda ƙasashen CILSS suka haramta tun 2011. Manomi kan yi murna da wannan ƙuna ta gaggawa, ya ce magani ya yi ƙarfi, alhali wani abu daban aka ɗura masa.

Ranar da ya koma shago, amsa a shirye take. Za a ce da ruwan tabki mai laka ya haɗa, kuma gaskiya ne laka na kashe ƙarfin gilifosat. Za a ce ruwan sama ya sauka bayan feshi, kuma gaskiya ne in ruwa ya zo cikin ƴan sa'o'i yakan wanke shi. Za a ce ya tsinka maganin don ya kai gona biyu. Duk waɗannan suna faruwa, shi ya sa suke aiki a matsayin mafaka. A ƙarshe in an matsa, sai a ce ma ba a nan ya saya ba. Manomi ɗaya da bakinsa kawai ba ya cin wannan gardama. Amma manoma takwas na gari ɗaya, kowa da hoton kwalba mai lambar rukuni iri ɗaya, an ɗauka a kan teburin shago ɗaya, kuma dukkansu ciyawa ba ta mutu ba, ba wanda zai ce su takwas duk da ruwan laka suka haɗa. Wannan shi ne ainihin amfanin hoton. Yana mai da kukan mutum ɗaya ya zama shaidar da ƙungiyar manoma za ta ajiye a gaban ma'aikatan kare tsirrai ko a gaban sarkin kasuwa.

Masu cewa ana zuzuta maganar su duba abin da aka gano a Mali. Masu bincike na can tare da na Jami'ar Jihar Mishigan sun sayi kwalaben gilifosat 100 daga shaguna suka kai ɗakin gwaji. Kusan rabinsu, kashi 45 cikin ɗari, ba su da izini na gaskiya, kuma waɗannan sun gaza masu izini da kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na sinadarin. Wani zai ce ashe ma ba ruwa ne zalla ba. Haka ne, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Ɓarawon da ke ɗura ruwa zalla damina ɗaya yake yi a gane shi. Wanda ke rage kashi goma yana iya shekara goma a kasuwa, manomi na ƙara yawan abin da yake zubawa a famfo yana cewa ciyawar zamani ce ta yi taurin kai.

Taki kuma satarsa ta fi yawa a ma'auni da bakin buhu. Buhun yuriya kilo 50 ne, kuma lambar 46 da ke jikinsa na nufin akwai kilo 23 na abincin shuka a ciki. In an zare kilo biyar an sake ɗinkewa, saura ƙasa da kilo 21, kuma duk buhu tara da aka yi wa haka sun haifi na goma. Ga mai zuba taki a gindi, giram shida na NPK 15-15-15 a kowane ramin hatsi kamar yadda masana suka koyar, buhu cikakke na kai rami sama da 8,300, ragagge kuwa 7,500 ne. Rami 800 sun kwana da yunwa ke nan, kuma mai gona zai ɗauka hannunsa ne ya yi nauyi. Abin ɗauka a hoto shi ne ɗinkin baki, a kusa sosai. Buhun da ya fito daga masana'anta layin ɗinki ɗaya ne miƙaƙƙe, da zare iri ɗaya. In ka ga ramukan allura babu zare a sama ko a ƙasan ɗinkin, an taɓa farke shi. A ɗauki lambobin sinadari, nauyi, sunan kamfani da adireshinsa. Sannan a ɗora buhun a kan sikeli a ɗauki hoton allurar. Ɗan kasuwar da zai auna maka tiyar hatsinka har ƙwaya ta ƙarshe idan kai ne mai sayarwa, ba shi da bakin jin haushi don ka nemi a auna buhunsa.

Sai dai kada a yi wa mai gaskiya ƙazafi. NPK mai ƙwayoyi launi-launi, fari da ja da toka, ba lallai jabu ba ne, irin wanda ake gaurayawa ne, kuma Najeriya na yin sa da yawa. Aibinsa shi ne in ya sha jijjiga a mota ƙananan ƙwayoyi kan gangara ƙasa, don haka mai saye tiya-tiya daga buɗaɗɗen buhu ba ya samun abin da aka rubuta. Yuriya kuwa gwajinta ba wuya: cokali ɗaya a kofin ruwa, ta narke tas, kofin ya yi sanyi a hannu. Abin da ya kwanta a ƙasa bai narke ba, wani ne ya ƙara shi.

Iri shi ne mafi ciwo, don shi ne damina gaba ɗaya. An koya wa mutane cewa iri mai launin ja ko kore shi ne na gwamnati, sai masu wayo suka sayi launi suka rina hatsin kasuwa. Launi alamar maganin da aka shafa wa iri ne kawai, ba shaidar asali ba. Shaidar ita ce takardar tantancewa da ke ɗinke a bakin jaka. Bisa ƙa'idar iri ta Afirka ta Yamma ta 2008, shuɗiyar takarda ta ingantaccen iri zuriyar farko ce, ja ta zuriya ta biyu, fara kuma ta irin tushe wanda masu ninka iri ke amfani da shi. A jikinta akwai sunan nau'i, kamar hatsin HKP, da lambar rukuni, da yawan abin da ke tsirowa cikin ɗari, da ranar gwaji. Na Najeriya wasu na ɗauke da tambarin SEEDCODEX na hukumar iri ta can, wanda ake kankarewa a aika lambar a sami amsa, kuma in ka tarar an riga an kankare ka ajiye. Masu albasa a Galmi da masu lambu a Jiratawa su fi kowa kula da kwanan wata, domin irin albasa ba ya jure ajiya, bayan shekara guda a zafin nan namu ƙarfinsa ya zube. Ƙirga ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen ƙyalle, a bar shi a inuwa kwana goma zuwa sha biyu ana yayyafa ruwa, ya fi rantsuwar mai shago. In takarda ta ce 85 ka samu 40, ka ɗauki hoton ƙyallen kusa da ledar.

Na san abin da za a ce mini, cewa hoto ba ya ganin cikin kwalba. Gaskiya ne. Mai jabun da ya ƙware yana iya buga takardar da ko wakilin kamfani sai ya duba sau biyu, kuma ɗakin gwaji ne kaɗai ke faɗin abin da ke ciki. Amma yawancin masu wannan sana'a ba ƙwararru ba ne, malalata ne, ba su taɓa buƙatar ƙwarewa ba saboda ba wanda ke dubawa. Za a kuma ce ƙaramin ɗan kasuwa shi ma haka ya saro, bai sani ba. Wasu haka ne. To shi ma ya ɗauki hoto ranar da ya saro, ya karɓi takardar ciniki, ya nuna mana wanda ya ba shi. Wanda ya ƙi a ɗauki hoton kayansa, ya sa hannu ya rufe lamba, ko ya ce in ba saye za ka yi ba ka ba mutane wuri, ya riga ya ba ka amsar da ka zo nema.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne hukuma ta ji wannan ta ce madalla, manomi ya zama ɗan sandan kansa, mu mun huta. Binciken kasuwa aikinsu ne, da albashinsa. Jerin magunguna masu izini da ke kwance cikin Faransanci a kwamfutar ofis bai tsare gonar kowa ba, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo kafin ruwan farko, a manna shi a ƙofar kowace kasuwar mako. Mu kuma da muka yi boko, da muke cika zauruka da muhawara a kan siyasar ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, kowannenmu yana da kawu ko ƙane da zai shiga kasuwa a watan Mayu da kuɗin akuyar da ya sayar. Ka ce masa ya aiko hoto huɗu kafin ya zaro kuɗi: lambar izini, lambar rukuni da kwanan wata, murfi ko ɗinki, da kayan a kan teburin mai su. In ya gama aiki kuma ya ɗauraye kwalbar sau uku ya juye ruwan cikin famfo, ya huda gindinta da ƙusa, buhun taki ya tsaga shi ta wajen tambari, domin yaran da ke yawo gari-gari suna sayen kwalba da buhu mai tambari lafiyayye ba don ɗiban ruwa suke saye ba.